Neman kalma: hazad da riski, duk "haɗari" za mu ce?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum. Ina shirya darasin farko ga sababbin ma'aikata kan kiyaye lafiya a wurin aiki, kuma da Hausa zan koyar. Tun a shafi na biyu na maƙale. Turawa na da kalmomi biyu, hazad da riski, kuma darasin gaba ɗaya a kan bambancinsu ya tsayu. Na rubuta "haɗari" a kan na farko, na zo na biyu, hannuna ya sake rubuta "haɗari". Ga kuma abin da ya riga ya auku, kamar haɗarin mota, shi ma haɗari muke cewa. Abu uku, kalma ɗaya. Takardar da za su riƙa cikewa tana da gurbi daban ga kowanne. Don Allah me zan sa a kan kowane gurbi?

Ɗan Gareji:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na ga haɗari da idona. Bara baƙin mai ya zube a ƙasa wurin aikinmu, abokin aikina ya taho da gudu ɗauke da akwatin sifana, santsi ya kwashe shi, ya karye a wuyan hannu. Wata biyu bai taɓa aiki ba. Ki gaya musu su riƙa kallon ƙasa kawai. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa.

Tsohon Injiniya:
Allah ya ƙara masa lafiya. Ɗan Gareji, ba labarin haɗari Hajiya ta nema ba, amma ka kawo mata misalin da ya fi na littafi, domin abubuwa ukun da take son rabawa duk suna cikin labarinka.

Man da ke ƙasa shi ne hazad. Tun kafin kowa ya taka shi yana nan, kuma zai iya cutarwa. Karayar ita ce abin da ya auku. Riski kuwa yana tsakanin su biyun, kuma da tambayoyi ake gano shi: mutum nawa ke bin wannan wurin a yini? Da gudu ko a hankali? Hannunsu wayam ko da kaya? Akwai haske? In mutum ya faɗi, a kan me zai faɗa? Da man nan a bayan wani inji ya zube, inda sai ƙarshen wata ake leƙawa, da mai ɗaya ne, santsi ɗaya ne, amma da wuya ya kayar da wani. Da yake a tsakiyar hanya ya zube, faɗuwa ta zama jiran lokaci kawai.

Ƙa'idar duniya ta kiyaye lafiya a wurin aiki, wato ISO 45001, da ta fito a 2018 a kan haka ta tafi: hazad shi ne mafarin da zai iya jawo rauni ko rashin lafiya, riski kuma haɗuwar abu biyu ne, yiwuwar aukuwa da munin abin da zai biyo baya. Duk kalmar da za mu zaɓa wa riski sai ta ɗauki waɗannan biyun tare.

Roƙo ɗaya: kada a sa "tsautsayi" a takardar. Wanda ya ji tsautsayi ya ɗauka babu abin da za a iya yi, alhali buhun yashi ko garin katako da tsintsiya sun isa su hana wannan karayar.

Malam Nahawu:
Riski ai muna da kalmarsa tuntuni: kasada. Hazad a bar masa haɗari, riski a ba shi kasada, magana ta ƙare. Ita kanta haɗari daga Larabci muka aro ta, wasu su ce hatsari, kuma asalin ma'anarta abin tsoro ne da ke iya halaka mutum. Ni ban ga dalilin ƙirƙirar sabon abu ba muna da namu a hannu.

Maman Sadiya:
Malam, na gwada kasada, kuma a wasu jimlolin ta zauna daram. "Ya yi kasada ya hau tsani ba wanda ya riƙe masa." Wannan ba laifi. Inda ta ƙi min shi ne nan: mai shara ta shigo da asuba, ba ta san an bar wayar wuta a fiƙe a bayan tebur ba. Za a ce ta yi kasada? Ba ta san komai ba, ba ta zaɓi komai ba. Amma riski a kanta yake, ya ma fi na mai gyaran wuta, domin shi ya san wayar tana nan.

Malam Nahawu:
To, na karɓi wannan. Kasada yin ta ake yi, da sani. Amma har yanzu ina ganin amfani zai iya faɗaɗa ta, kamar yadda 'yan kasuwa ke cewa akwai kasada a harka ba tare da sun zargi kowa ba.

Tsohon Injiniya:
Zai iya, amma tsorona shi ne abin da za ta koya wa sabon ma'aikaci a makonsa na farko. In gurbin ya ce "kasada", zai riƙa neman wanda ya yi ganganci, ya daina duban yadda aka tsara aikin.

Ga abin da na daɗe ina faɗa wa yarana da baki, ban taɓa rubutawa ba: hazad "tushen haɗari", riski "nauyin haɗari". Tushe tono shi ake yi a cire. Nauyi kuma auna shi ake yi, a ce ya yi yawa ko da sauƙi, a rage shi. Bari in gwada su a kan ruwan batir, wanda asid ne mai ƙona fata, in ya shiga ido kuma yana iya makantarwa.

A wurare da yawa ana ba yiwuwar aukuwa maki daga 1 zuwa 5, a ba munin rauni maki daga 1 zuwa 5, sai a ninka su. Mafi ƙanƙanta 1, mafi girma 25. Mu ce mun ba munin ruwan batir 4, tunda rasa ido nakasa ce ta har abada.

Hali na farko: yana cikin jarkarsa ta asali, da murfi, da rubutu a jiki, a kabad mai kwaɗo, mutum ɗaya ke da makulli. Yiwuwa 1. Ɗaya sau huɗu, 4.

Hali na biyu: wani ya tsiyaye shi a gorar ruwan sha, ba rubutu, ya ajiye a kan benci inda kowa ke ajiye nasa ruwan, ga shi garau kamar ruwa. Yiwuwa ta haura 4. Muni ma ba 4 ba ne yanzu, domin an tashi daga fallatsa a ido an koma maganar kurɓa, wadda ke iya kisa, sai mu ce 5. Huɗu sau biyar, 20. Wannan ba a jira taro, yanzu-yanzu ake ɗauke shi.

Ruwan bai canja ba ko ɗigo ɗaya. Tushen haɗari yana nan yadda yake, nauyinsa ne ya tashi daga 4 zuwa 20 saboda gora da benci. Kwaɗo da rubutu da tabarau na kariya duk nauyi suke ragewa, asid ɗin na nan yana jiran ranar da za a manta da su. Ba ka taɓa tushen ba sai ranar da ka daina ajiye ruwan a wurin gaba ɗaya, misali ka koma batura rufaffu da ba a ƙara musu ruwa.

Sabon Shiga:
Baba Injiniya na gode, yau na gane. Wato tushen haɗari shi ne abin da zan iya nunawa da yatsa, nauyi kuma lissafi ne a kai. Jiya an ba mu irin wannan takarda, a gurbin farko na rubuta "faɗowa daga tsani". Daidai ne?

Tsohon Injiniya:
Rabi da rabi, ɗana. Faɗowa ba tushe ba ce, ita ce abin da kake tsoron ya auku. Tushen shi ne aiki a sama, ko tsanin da matakinsa ɗaya ya tsage. Wannan kuskuren kusan kowane sabon shiga yana yinsa, kuma ga yadda za ka kama kanka: in abin da ka rubuta ya ƙare da mutum a asibiti, kamar ƙuna, yanka, faɗuwa, karaya, to sakamako ka rubuta. Koma baya taki ɗaya ka tambayi kanka me zai jawo shi.

Maganar yatsa kuma tana aiki a kan mai da wuƙa da waya, amma ba ko'ina ba. Ƙarar inji tushen haɗari ce, ba ka iya nuna ta. Haka gajiyar mai aikin dare, haka iskar gas marar wari a cikin tanki ko rami. Ƙara ma misali ce mai kyau ta nauyi: a ƙa'idar da masana da yawa ke bi, da desibal ake auna ƙarfin ƙara, desibal 85 na awa 8 shi ne iyaka, kuma duk ƙarin desibal 3 yana raba lokacin biyu, wato 88 awa 4, 91 awa 2. Wanda ya ratsa ɗakin injin na minti biyu da wanda ke tsaye gabansa tun safe, ƙara ɗaya suka ji, amma kunnen ɗaya ne zai mutu a hankali.

Hauwa Mai Jinya:
Ni "tushen haɗari" ya kwanta min. "Nauyi" ne nake da ja a kai. A aikinmu babban abin da ke lalata mana baya shi ne ɗaga marasa lafiya daga gado zuwa keke. Sai in rubuta "nauyin haɗarin ɗaga nauyi"? Ga kuma nauyi na ɗaukar alhaki, wani zai karanta "nauyin haɗari" ya ɗauka ana tambayar wa zai biya kuɗin magani. Me zai hana "yiwuwar cutuwa"?

Sannan Baba, wannan ninkawar tana damuna. Tsinin takarda da ke yankar yatsa kullum, yiwuwa 5, muni 1, ya ba da 5. Abin da zai kashe mutum amma da wuya ya auku, 1 sau 5, shi ma 5. Ba za a ce ɗaya suke ba.

Tsohon Injiniya:
Kin yi gaskiya a na biyun, kuma rauni ne sananne na wannan lissafin. Shi ya sa duk inda muni ya kai 5 nake sa a ja masa layi a dube shi daban, ko da jimillarsa ƙarama ce. Makin ma kansa hukuncin mutane ne, mutum biyu na iya ba abu ɗaya 2 da 3.

Amma misalin naki shi ne ya hana ni karɓar "yiwuwar cutuwa". Ta ɗauki yiwuwa ta yar da muni, sai yankan takarda ya hau sama da abin da ke kisa. "Girman haɗari" kuma ta yi akasin haka, kunne na jin girma sai hankali ya tafi ga munin rauni kaɗai. Matsalar da kika gani a nauyi ta gaske ce, ba ni da amsarta.

Malam Nahawu:
Shi ya sa nake cewa kada a binne kasada tukuna. "Auna kasada" ya fi "auna nauyin haɗari" sauƙi a baki.

Maman Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gurbin farko ya samu suna: tushen haɗari. Na ƙarshe zan rubuta "abin da zai iya aukuwa", don irin su faɗowa da ƙuna su samu wurin zama. Na tsakiya zan raba shi gida biyu, "yiwuwa" da "muni", a samansu in rubuta "nauyin haɗari" da fensir. Zan kai gora biyu aji, duk ruwa zalla, ɗaya da rubutu ɗaya babu, in ba su labarin ruwan batir, sannan in tambaye su da wace kalma za su faɗi bambancin. In kasada ce ta fara fitowa daga bakinsu, Malam, zan dawo in gaya maka.