Awa 24 ɗin nan, na kira ne ko na takarda?

Babangida magazinye: Salamu alaikum 'yan uwa. Patron ya kawo sabon reglaman, ga layin da ya tsaya min a wuya: "Wanda bai da lafiya ya sanar da shef ɗinsa ya kawo sertifika cikin awa 24, in ba haka ba a ɗauka ya bar aiki." Shi ya ce doka ce haka. Ni na ce ba haka take ba. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Yelwa: Patron ɗinku bai iya ba, doka awa 48 ta ce, kowa ya san wannan. A gyara lambar kawai shike nan.

Malam Sale delege: Wa alaikumus salam. Ɗan Yelwa a wane sashe ka ga 48 ɗin? Kod ɗin aiki na Kamaru na 1992, sashe na 32, cewa ya yi kwantiraginka yana tsayawa ne idan likita ya tabbatar da ciwon, har wata 6, kuma ana ƙara lokacin har sai an sa wani a gurbinka. Babu maganar awa a wurin sam. Awowin suna fitowa ne daga konbansiyon kolektif ta sana'arku ko reglaman na gidan, don haka Babangida ka fara nemo konbansiyon ɗinku, in ta ba da lokaci mai tsawo reglaman ba zai gajarta shi ba.

Ɗan Yelwa: To mu dai a wurinmu 48 ne tun da na shiga.

Malam Sale delege: Na wurinku ne, ba na ƙasa ba. Ni abin da ya fi damuna ma ba lambar ba ce, haɗa abu biyu da aka yi a igiya ɗaya ne. Sanarwa daban, takarda daban. Sanarwa ko matarka ko ƙaninka zai iya yi da waya cikin minti ɗaya. Takarda kuwa sai ka tashi, ka hau moto, ka sayi biye, ka bi layi.

Hajiya Uwani: Malam ku delege kullum bayan ma'aikaci kuke. Ni ke raba aiki a depo, motar Ngaundere ta iso ƙarfe 7 ana jiran saukale, mutum biyu babu su babu labarinsu, sai Laraba su ɓullo da wata takarda duk ta yamutse. Ni awa 24 ma ta yi min yawa wallahi, kafin ƙarfe 9 na safe nake son in ji.

Malam Sale delege: Hajiya a nan ina tare da ke fa. Kira a ranar farko kafin tsakar rana ba zalunci ba ne. Takardar ce nake cewa a ba ta kwana 3 na aiki.

Isiyaku direba: Bari in ba ku nawa. Bara da damina na je ganin tsohuwa wani ƙauye bayan Lagdo, daren Juma'a palu ya kwantar da ni. Rezo sai ka hau tudu. Asabar aka kai ni santar na ƙauyen, infirmiye ya yi tes, ya sa min ruwa, ya rubuta a karne. Litinin ƙanina ya kira shef ƙarfe 8, ya ce ya ji. Sai Talata na iya hawa moto zuwa Garwa, likita ya ba ni repo kwana 5, amma ya ce daga Talata zai rubuta, ba zai sa hannu a kan ranar da bai gan ni ba. Da na koma aka miƙo min demand desplikasiyon a kan Asabar da Litinin. Shef kuma ya ce shi bai tuna an kira shi ba.

Hajiya Uwani: Subhanallah. To karne ɗin fa?

Isiyaku direba: Suka ce na infirmiye ne ba na likita ba.

Malam Sale delege: Kun ga ramin ke nan. Sashe na 32 likita ya ambata, wanda patron ya amince da shi ko na asibitin da gwamnati ta sani. Santar na ƙauye kuwa galibi infirmiye ke riƙe da shi. In reglaman ya yi shiru, mai son ya matsa maka ya samu hanya. Ni da za a ji tawa a rubuta ƙarara: takardar santar da hatiminta tana rufe kwana 1 zuwa 3, abin da ya wuce haka sai likita. Kuma a faɗi daga yaushe ake ƙirga, daga ranar aiki ta farko da ba ka zo ba, Lahadi ba ta ciki. Isiyaku da ƙaninka saƙon WhatsApp ya tura da babu mai musu, a sa wannan ma, da sunan mutum na biyu in shef bai ɗauka ba.

Ɗan Yelwa: Haba Malam, takardar santar? Wasu da jaka biyu suke samo ta. Ka buɗe wannan ƙofar ranar kasuwar Pitowa kowa zai yi ciwo.

Isiyaku direba: Kasuwar Pitowa Lahadi take ci ai, wa ke aiki? 😂

Ɗan Yelwa: Ka dai gane nufina.

Maman Fa'iza: Ni mijina buhu ya faɗo masa a ƙafa a wurin aiki, shi ma awa 24 ɗin ne?

Malam Sale delege: A'a Maman Fa'iza, wannan hatsarin aiki ne, hanyarsa daban. Patron ne zai kai rahoto CNPS, hukumar inshorar ma'aikata, cikin kwana 3 na aiki, ku bi ku tabbatar ya kai. Allah ya ƙara sauƙi. Ciwon gida irin palu CNPS ba ta biya, patron ke biya gwargwadon preyabi, wato wa'adin sanarwa kafin sallama. Kamar Isiyaku, in yana kategori 4 da shekara 3, preyabinsa wata 1 ne, to kwana 7 ɗinsa a biya shi cif, da wata 3 ya kwanta wata 1 kod ya tilasta, sai in konbansiyon ta ƙara.

Babangida magazinye: Akwai layi na biyu: "ranar dawowa ma'aikaci zai zauna da shef ya yi bayanin ciwonsa."

Maman Fa'iza: Bayanin ciwonsa?? Mace ta yi ɓari ta zauna gaban namiji tana faɗa masa? Allah ya kiyaye.

Hajiya Uwani: Wannan kam a cire "bayanin ciwonsa". Likita ma kwana nawa yake rubutawa, sunan ciwon sirri ne. Amma zaman ina sonsa. Minti 10 ne, a ofis ba gaban mutane ba. Ka warware? Za ka iya ɗaukar buhu ko mu sa ka ƙirga kaya sati ɗaya? Akwai randebu da ya rage? Na taɓa mayar da yaro kan saukale washegarin taifod, kafin azahar ya zube, tun ranar nake tambaya.

Isiyaku direba: Hajiya ke ce mai tambaya haka. Wani shef ɗin zaman kotu yake yi, "sau nawa ke nan bana?" kuma yana rubutawa.

Hajiya Uwani: In mutum duk Litinin ciwo, kar a tambaye shi?

Malam Sale delege: A tambaya, amma a wani zama daban da delege a gefe. Babangida, reglaman sai an nuna wa delege sun faɗi ra'ayinsu, sannan insfekta na aiki ya sa biza, sashe na 29 ke nan. Naku ya je can?

Babangida magazinye: Bai je ba, jiya aka manna shi jikin ƙofar magaza. Delege ɗinmu ma yana Marwa sai Alhamis.

Ɗan Yelwa: Ni dai har yanzu ban yarda da takardar santar ba, kwana ɗaya ya isa.

Isiyaku direba: Sai ruwa ya yanke maka hanya a watan Agusta tukuna.