Taƙaitawa: HMO ko PPO a inshorar lafiya ta Amurka

Ga abin da aka tattauna kan tambayar wanne ya fi dacewa da mutum tsakanin HMO da PPO, tsare-tsare biyu na inshorar lafiya a Amurka.

1. Kowa ya yarda kuɗin wata na HMO ya fi sauƙi. Sharaɗin shi ne likita guda kake fara gani, shi zai tura ka wurin ƙwararre. Ka je asibitin da ba ya cikin jerin waɗanda kamfanin inshorar ya yi yarjejeniya da su, daga aljihunka za ka biya, sai dai in larurar gaggawa ce.

2. A PPO kai tsaye za ka ga likitan fata ko na zuciya, ba takardar turawa. Likitan da ba ya cikin jeri ma kamfanin na biyan wani kaso, amma naka kason ya fi yawa.

3. An rabu kan mai ciwon suga. Wasu sun ce HMO ta ishe shi tunda likita ɗaya ke riƙe da bayanansa, wasu sun ce jiran takarda na cin rai. Ni dai ina ganin ya fara duba ko likitansa na cikin jerin.

Direban babbar mota mai ratsa jihohi kuwa, PPO aka ce ta fi masa, tunda yana iya buƙatar likitan da ba ya cikin jeri.