Waƙafi ne ko ɗigo? Neman sunan alamomi biyu

Binta: Salamu alaikum. Ina rubuta wa sababbin ma'aikatanmu jagorar gyara adadin kuɗi kafin a zuba su a shafi ɗaya na Excel. Me za mu kira Decimal separator da Thousands separator da Hausa? Takarda ɗaya ta zo da $1,234.56, wata kuma da 1.234,56 €.

Garba: Ai wannan ba ya buƙatar taro, Malama. Na farko ɗigo, na biyu waƙafi. Ki goge waƙafin duka da alamar kuɗin, shi ke nan.

Malam Isiyaku: Garba, a kan dalar ka yi daidai. Amma gwada a kan na Jamusawan: 1.234,56 zai koma 1.23456, wato yuro dubu da ɗari biyu da 'yan kai ya zama yuro ɗaya da ɗoriya. 12,50 kuma ya zama 1250. Kuma Excel ba zai yi ko tari ba, domin lamba ce ya gani. Shi ya sa ba na son a raɗa musu suna da kamanninsu. A Jamus ɗigo ne ke raba dubbai, a Faransa fili ake bari, a Suwizalan ana rubuta 1'234.56. Aikinsu ya kamata sunan ya faɗa. Ni dai "marabin dubbai" nake cewa.

Binta: Wannan ya zauna mini, Malam. Ɗayan fa? "Alamar canji"?

Hauwa: Canjin na wace rana za ku ɗauka? Na taɓa tara dala da yuro a shafi ɗaya, jimilla ta fito ba ma'ana.

Malam Isiyaku: Kin ga illar "canji", Binta, har Hauwa ta tafi kasuwar musaya. Amma tana da gaskiya: kafin a cire alamar kuɗin, a buɗe wani shafi a rubuta USD ko EUR. Ni zan ce "marabin gutsure", tunda abin da ke bayansa bai kai ɗaya cikakke ba. Sannan ki faɗa wa Excel wanne ne wanne. Ga na takardar Jamus:

```
=NUMBERVALUE(SUBSTITUTE(A2,"€",""),",",".")
```

Marabin gutsure ake fara sawa, sannan na dubbai. Wanda ya ƙi komawa lamba zai nuna #VALUE!, kin ga ya tona kansa.

Garba: To a ce marabin da ya zo ƙarshe shi ne na gutsure mana.

Malam Isiyaku: In su biyun suna nan, haka ne. In 1.250 ne kawai fa? A takardar Jamus dubu da ɗari biyu da hamsin ne. A dinarin Kuwaiti, mai lambobi uku bayan ɗigo, dinari ɗaya da kwata ne. Nan sai an duba inda takardar ta fito.

Hauwa: "Gutsure" dai ya yi mini kama da na burodi. Indiya kuma 1,23,456 suke rubutawa, anya dubbai kaɗai ake rabawa?

Binta: Na sa "marabin dubbai" a jagorar yanzu. Na biyun na bar gurbinsa zuwa gobe.