Shin ya dace a ƙara kuɗi don inshorar gilashin mota?

Malami daga Daura: Assalamu alaikum. Zan sabunta cikakkiyar inshorar motata, sai wakilin kamfanin ya ba ni shawarar in ƙara kuɗi domin kariyar gilashi ta daban. Kullum ina kan hanyar Daura zuwa Katsina, ina bin bayan tifofi masu zubar da tsakuwa. Shin ƙarin yana da amfani?

Direban haya, Katsina: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ta Naira 15,000 nake yi, kuma an ce tana biyan diyya har Naira miliyan 3, wadda ta isa sayen gilashi.

Alhaji, tsohon ma'aikacin inshora: Ɗan'uwa, wannan miliyan 3 ɗin ta dukiyar mutumin da ka yi wa ɓarna ce, ko kwabo ba ta shafi gilashinka ba. Malam kuwa, cikakkiyar inshora takan haɗa da gilashi, amma akwai kason da mai mota yake biya daga aljihunsa kafin kamfani ya cika sauran, kuma a nan lissafin yake. A ƙaddara kasonka Naira 50,000 ne, gilashin gaba da kuɗin ɗaurawa kuma Naira 90,000. Kamfani zai ba ka 40,000 kacal, sannan wataƙila ka rasa rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba. Idan ƙarin ya ɗauke maka wannan kaso, bai kuma taɓa rangwamen ba, to ga mai yawan bin babbar hanya irinka ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ka nemi a nuna maka a rubuce iyakar abin da za su biya, domin motar da ke da kyamara a bayan madubin tsakiya gilashinta ya fi tsada, kuma sai an sake saita kyamarar bayan an sauya shi.

Hajiya, Ƙofar Ƙaura: Allah ya saka, Alhaji. Tsakuwa ta yi wa nawa ɗan tabo kamar ƙwayar gero, na bar shi, da sanyin hunturu ya shigo sai na wayi gari ya tsage har gefe. Na sauya shi a ranar, kamfanin kuma ya ƙi biya saboda ban sanar da su ba kafin aikin.

Alhaji: Haka sharaɗin yakan kasance, Hajiya. A ɗauki hoton tsagewar tare da lambar mota, a sanar da su, a jira amincewarsu. Tabon da ya riga inshorar ma ba sa biyansa.

Direban haya: Na fahimta, amma wanda motarsa tsohuwa ce kuma gilashinta na nan birjik a kasuwa, ina ganin gara ya ajiye kuɗin a hannunsa.

Malami daga Daura: Na gode ƙwarai. Gilashin gefe da na baya fa, Alhaji, suna ciki idan ɓarayi suka fasa?

Alhaji: Wannan ya danganta da takardar kowane kamfani, Malam, wasu na gaba kaɗai suke nufi. Turo mana shafin da aka rubuta sharuɗɗan kafin ka biya.