Tankin ƙasa mita 3 da 2, bulo nawa da siminti nawa?

Baban Amira: Salamu alaikum 'yan uwa, daga wajen Ringim nake. Ina so in gina tankin ƙasa a gida na tarar ruwan kwano, cikinsa tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi mita 2, da bulo inci 9. Don Allah bulo nawa zan buga kuma siminti nawa kankaren zai ci? Kuɗin amfanin gona ne, bana son aiki ya tsaya a rabi.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Mai sauƙi ne yaya, 3 da 2 da 3 da 2 mita 10 kenan, sau zurfi 2 ya zama 20, kowace sikwaya mita bulo 10 take ci, ka buga 200 ka huta.

Injiniya: Ɗan Auta hanyarka daidai ce amma ka manta kusurwoyi. Awon da ya bayar na ciki ne, bango kuwa a wajen awon yake zama, to kowace kusurwa tana cin kaurin bulo ɗaya, 0.225. Huɗu ne, ka ƙara 0.9, zagayen ya zama 10.9. Sau 2 ya ba ka 21.8, bulo 218 kenan, Alhaji ka buga 230 saboda na fashewa da na yanka.

Kankare kuma wuri uku zai shiga, biyu kawai mutane suke tunawa. Na farko daɓen ƙasa. Wajen tankin 3.45 ne da 2.45, sai ka bar daɓen ya fito da 0.15 ta kowane gefe don bango ya zauna a kansa sosai, ya zama 3.75 da 2.75, kauri inci 6 wato 0.15, kubik 1.55. Na biyu murfi, 3.45 sau 2.45 sau 0.15, kubik 1.27, ban cire ƙofar shiga ba don kaɗan ce. Na uku shi ne ramukan bulon, dole a cike su da kankare layi layi ana ɗorawa ana cusawa da rodi, wannan kaɗai zai sha kusan kubik 2, kuma a nan ne kuɗi ke ƙare wa mutane don ba wanda yake sa shi a lissafi. Jimla 4.8. Haɗin 1:2:4 yana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya a kubik ɗaya, buhu 30 kenan, yashi kubik 2 da ɗan wani abu, tsakuwa 4 da ɗan wani abu. Ban sa na ɗora bulo da filasta da rodi ba fa.

Baba Birkila: Injiniya Allah ya ƙara basira, amma a hannu abin ya ɗan bambanta. Mu kwaɓin da muke sawa tsakanin bulo yana kai inci guda, layi 8 ya kai mita 2, kowane layi bulo 23 ko 24, ka ga wajen 190. In kuma za a zuba fila a kusurwa huɗun nan ai bulon raguwa ma zai yi, kankare ya ƙaru. Kuma yaro na ka kai tef ka gwada abin buga bulon garinku, wani bai cika inci 18 ba.

Injiniya: Gaskiya ne Baba, amma a tankin ruwa ni bana son kwaɓi mai kauri, ta nan yake fara tsatsa. Ragowar bulo ba ta ɓaci.

Maman Sadiq: Mu namu da aka yi mana ba a yi masa daɓe ba kuma an bar ƙofofi a jikin bulon wai don ruwa ya tsotse, shekara biyar kenan bai taɓa cika ba.

Baba Birkila: Hajiya wancan sokawe ne na banɗaki, shi wannan riƙe ruwan ake so ya yi.

Na Fadama: Ni dai abin da ya same ni zan faɗa. Nawa a wajen Haɗejia yake, ƙasar laka, wanda ya gina min bai cike ramukan ba ya ce filasta ta isa. Damina na sauka tankin babu ruwa a ciki, ƙasar waje ta jiƙe ta turo dogon bangon, na leƙa da tocila na ga tsaga siririya kamar zare tana bin layin kwaɓi, ruwa ja-ja yana gangarowa. Ka sa rodi a bango Alhaji, kuma in an gama ka cika shi ya kwana uku ya sha, sannan ka yi alama da gawayi ka duba washegari.

Baban Amira: Subhanallah. Na gode ƙwarai. Injiniya a kwanon sarki yaya haɗin yake, kuma lita 12,000 ɗin zan samu cif?

Injiniya: Buhu ɗaya kwano biyu ne, sai yashi 4 tsakuwa 8. Filasta za ta ci kamar santimita 2 kowane gefe, zai dawo wajen 11,500, kuma ba ka cika shi har murfi. Maganar rodi da fila sai na san irin ƙasar gidanka, jigawa ce ko laka, kuma rijiyoyin unguwarku a gaba nawa ake samun ruwa da damina?

Baban Amira: Rairayi ne a sama, amma bari in tambayi mai haƙar rijiya gobe in sha Allah.