Neman kalma: me za mu kira `Lo 80` da `Hi 80` a rahoton hasashe?

Jami'ar Bayanai: Assalamu alaikum. Ni ke rubuta rahoton wata-wata na masu zazzaɓin cizon sauro da asibitinmu ya gani, wannan karon kuma da Hausa ake so. Alƙaluman wata 36 gare ni, kuma watan da ya wuce mutum 412 aka rubuta. Na zuba su a manhajar ƙididdiga ta R, umarnin `forecast()` ya ba ni wannan. Layi biyu kawai na tsamo, na sama na wata mai zuwa, na ƙasa na nan da wata shida:

```
Point Forecast  Lo 80  Hi 80  Lo 95  Hi 95
           430    385    475    361    499
           470    374    566    323    617
```

`Point Forecast` ɗin na kira shi hasashe. Sauran na sa musu "iyakar ƙasa" da "iyakar sama", amma raina bai kwanta da su ba. Kanun rahoton kuwa cewa na yi: "Hasashe ya nuna masu cutar za su ƙaru zuwa 470 nan da wata shida." Don Allah a taya ni dubawa.

Tsohon Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Hasashe kam ya zauna, kowa ya saba da hasashen yanayi a rediyo. Kada ki bari wani ya ja ki zuwa kirdado ko kintace, su ba lissafi a bayansu. Ƙiyasi kuma ya fi dacewa da abin da ke nan yanzu amma ba a ƙirga shi kaf ba. Iyaka ce ban yarda da ita ba. In kin ce iyaka, Bahaushe zai ji wurin da ba a tsallakewa. Haka lambobin nan suke?

Malamin Ƙididdiga: Ba haka suke ba, Baba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Abin da 80 ɗin ke nufi shi ne, in lissafin ya dace da yadda cutar ke tafiya, a cikin wata biyar kusan huɗu za su faɗo tsakanin lambobin biyu, ɗaya zai fita waje. Abin da aka san tun farko za a tsallake shi sau ɗaya cikin biyar ai ba a ce masa iyaka.

Amma Malama, kanun ya fi damuna a kan kalmar. Dubi layin ƙasa da kyau. Yau kina da 412, `Lo 80` kuma 374 ne, ƙasa da inda kike tsaye. Wato teburin da kike son ki ce ya nuna ƙaruwa, shi da kansa bai kore raguwa ba. Ya fi karkata ga ƙaruwa, wannan gaskiya ne, amma "za su ƙaru" alkawari ne da lissafin bai ɗauka ba. Sannan ki lura yadda abin ke buɗewa: wata mai zuwa tsakanin 385 da 475 akwai 90, nan da wata shida kuwa 192 ne, ya haura ninki biyu. Duk kalmar da za a zaɓa, ina so mai karatu ya ji cewa abu ne mai faɗi, kuma faɗinsa na ƙaruwa in an yi nisa.

Ɗan Jarida: Ni a ganina an tsawaita. Mai karatu lamba ɗaya yake riƙewa. A ce "adadin na iya kaiwa 617", an gama. Ba a yi ƙarya ba, kuma hukuma za ta motsa.

Malamin Ƙididdiga: Da gaskiyarka cewa lamba ɗaya ake riƙewa, shi ya sa ma bai kamata ta zama 617 ba. Yiwuwar adadin ya haura ta, a lissafin nan, kusan ɗaya ne cikin arba'in, daidai da yiwuwar ya faɗo ƙasa da 323. Za ka yarda a buga "adadin na iya sauka zuwa 323" shi kaɗai? Mai sayen magani na iya neman lambar sama don ya yi tanadi, wannan daban, sai a rubuta masa cewa ta tanadi ce.

Ɗalibar Jinya: Yaya, ni na ɗauka 95 ɗin na nufin hasashen daidai yake kashi 95 cikin ɗari. A ce "makin hasashe" mana?

Jami'ar Bayanai: A'a ƙanwata, ni ce ke zaɓen 80 ko 95, ba maki aka ba ni ba. In na nemi 99 sai dai lambobin su ƙara nisa da juna.

Malam, na karɓi gyaran kanun. To in ce "ana sa ran adadin zai kai 470"?

Tsohon Mai Fassara: Kul! Ana sa ran albashi, ana sa ran dawowar matafiyi. Wa ke sa ran cuta? 'Yan jarida sun saba da shi, amma akwai fata a cikinsa. "Ana fargabar" ma haka, tsoro ya shigo. Ki tsaya a kan "hasashe ya fi karkata ga". Ga abin da nake gani: 470 ki kira shi tsakiyar hasashe, 374 zuwa 566 kuma tazarar hasashe.

Malamin Ƙididdiga: Tsakiyar hasashe ta yi min, Baba, domin wanda ya ji tsakiya zai tambayi gefe. Tazara ce nake ja da ita. Tazara nisan ne kansa, wato 192 ɗin nan, alhali mu wurin da adadin zai faɗo muke nufi. Ni da an ce faɗin hasashe, da gefen ƙasa da gefen sama.

Kafin ki tura, Malama, akwai abin da babu kalmar da za ta gyara shi. Wata 36 damina uku ce kacal, kuma a kan su ukun lissafin ya koyi hawa da saukar shekara. Yawancin irin waɗannan lissafe-lissafe suna fitar da gefuna a matse fiye da kima, domin suna ɗauka cewa salon da aka zaɓa daidai ne kuma gobe za ta bi sawun jiya. Gwada shi ba wuya. Cire wata shida na ƙarshe, ki yi hasashe da 30 ɗin da suka rage, ki ga nawa suka faɗo cikin 80 ɗin. In huɗu ko biyar ne, ba laifi. In biyu ne, gefunan sun matse, ki faɗi haka a rahoton. Shida dai ba yawa ba ne, alama ce kawai. Ki kuma tabbatar 412 ɗin ya cika. In akwai rajistar da ba ta iso ba tukuna, watan ƙarshe zai yi kamar an sauka, ya ja hasashen gaba ɗaya.

Ɗan Jarida: Faɗin hasashe zai ruɗa mai karatu. Wani zai karanta shi a matsayin faɗar magana. Ni ina bayan tazara.

Jami'ar Bayanai: Na duba, rajistar duka ta iso. Gwajin kuma na yi, biyar cikin shida sun faɗo ciki. Ga yadda na mayar da kanun:

"Watan da ya wuce an rubuta mutum 412. In abubuwa suka ci gaba yadda suke a wata 36 da suka gabata, hasashe ya fi karkata ga ƙaruwa nan da wata shida, tsakiyarsa 470. Sau huɗu cikin biyar adadin zai faɗo tsakanin 374 da 566, don haka raguwa ma na iya faruwa."

A cikin jimla ban ma buƙaci sunan ba, "tsakanin kaza da kaza" ya ishe ni. A kan tebur na sa gefen ƙasa da gefen sama. Taken zanen hasashen ne ya rage, inda inuwar da ke tsakanin gefunan ke buɗewa. Tazara ko faɗi? Baba, Malam, ranar Litinin zan miƙa.

Tsohon Mai Fassara: Ki sa tazara wannan watan, ki ba mutum biyu da ba su san lissafi ba su karanta, ki dawo ki gaya mana me suka fahimta.