Waya ba ta ɗaukar caji sai an danne igiya

Maman Ilham: Salamu alaikum. Wayata mai bakin USB-C ce. Caji na ɗaukewa yana dawowa, sai na karkata igiyar na danne ta. Mai gyara ya ce a canza bakin cajin a kan naira 7,000. In biya, ko akwai abin da zan fara gwadawa?

Sani mai gyara: Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki biya tukuna. Sa cajar ki duba: idan kan bai shige duka ba, kuma ba ki ji ƙas ba, datti ne. Zaren aljihu da ƙurar hunturu ke taruwa a ƙasan ramin, duk sa caja kuma sai ta ƙara kirɓe su. Kashe wayar, ki haska da tocila. Fere tsinken sakace da reza ya yi siriri, ki bi gefe-gefe a hankali kina yakuto dattin waje har ƙasan ramin ya bayyana. Akwai ɗan harshe a tsakiya, a jikinsa ƙarafan da ke ɗaukar wuta suke. Kar ki banƙare shi.

Ɗan Gwammaja: Ba dogon zance, allura da ɗigon fetur, an gama. Kuma 7,000 ta yi yawa, 3,000 ake canzawa.

Sani mai gyara: Haba malam! Allura ƙarfe ce, tana kankare ƙarafan ko ta lanƙwasa su, fetur kuma yana cin roba. Na 3,000 ɗin ramin kaɗai ake cirewa a liƙa sabo da dalma. Wataƙila ita ɗan allon ƙasan wayar, wanda ramin ke liƙe a jikinsa, za a canza mata gaba ɗaya.

Baba Haladu: Ku masu gyara ai ba za ku so a yi a gida ba. Datti ne kawai a wayar ɗiyata, aka ce rami ya mutu. Aka sa masa zafi, makirfon da ke gefensa ya ƙone, yanzu ana kira ba a jin ta. Allah ya isa!

Sani mai gyara: Allah ya huci zuciyarka Baba, ai ni na ce ta fara yi a gida. Hajiya, bayan shara ki ari igiya mai kyau ki gwada. A USB-C ƙarafan da ke riƙo suna cikin kan igiyar, galibi su ke fara saki. In sabuwa ta zauna daram, taki ce ta gaji. In ita ma tana rawa, ko ramin ya yi baƙi ko kore, to gyara ya kama.

Ummi: Tsinken dai ya zama sabo, ba wanda aka ci tsire da shi ba.

Maman Ilham: Na fito da datti kamar auduga, ta shige sosai. Amma in na taɓa igiyar, har yanzu yana ɗan ɗaukewa.

Ɗan Gwammaja: Igiyoyin yanzu ne duk jabu. Ga kauri a ido, ka yanka ka tarar da silin waya. Wai a ina ma ake samun ta gaske?